Darasi: Rangwamen Shekarar Farko da Kuɗin Sabunta Shafin Intanet

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Bambanta sunan shafi da masaukin shafi, da sanin wanda ake biya kuɗin kowanne.
2. Bayyana dalilin da ya sa kuɗin shekara ta biyu ke ninka na shekarar farko.
3. Lissafa ainihin kuɗin da shafi zai ci cikin shekara uku kafin ya saya.
4. Sanin abin da zai yi kafin a cire masa kuɗi, da abin da zai yi idan an riga an cire.

Abu biyu ake biya wa, ba ɗaya ba

Mai sana'ar da ya buɗe shafin intanet yakan ce ya sayi shafi. Gaskiyar magana haya ya kama, kuma hayar abu biyu ce daban-daban. Ku ɗauka kamar ɗan kasuwa ne a kasuwar Kwari: akwai rumfar da ya jibge kayansa a ciki, akwai kuma adireshin da abokan ciniki suka san shi da shi, wanda yake kan katinsa da ledar kayansa. Rumfa ita ce masaukin shafi. Adireshin shi ne sunan shafi. Idan mai rumfa ya tsawwala haya, a kasuwar intanet ana iya kwashe kaya a koma wata rumfar ba tare da an canza adireshi ba. Amma idan adireshin ne ya suɓuce, duk wanda ya zo nema wurin wani zai faɗa.

> Sunan shafi (domen): adireshin da ake rubutawa don a isa shafi, irin wanda ke ƙarewa da `.com` ko `.com.ng` ko `.ne`. Ana yi masa rajista ta shekara-shekara. Ga `.com`, mafi ƙaranci shekara ɗaya, mafi yawa shekara goma.

> Masaukin shafi (hostin): wurin da aka ba ku haya a kan kwamfutar wani kamfani da ke kunne dare da rana, inda hotuna da rubuce-rubuce da imel na shafinku suke zaune.

> Sabuntawa ta kai tsaye: izinin da mai saye ya ba kamfani na ya riƙa cire kuɗi daga katinsa idan wa'adi ya kusa cika, ba tare da ya sake tambayarsa ba. A kan allo ana rubuta shi `Auto-renew`.

Kamfanoni da yawa suna sayar da abubuwan nan biyu a ƙunshi ɗaya, har su ce sunan kyauta ne. Shi ya sa mai saye ba ya lura cewa lissafi biyu ne, sai ranar da kowanne ya zo da nasa farashin.

Daga ina farashin sunan shafi yake fitowa?

Wannan sashe shi ne mabuɗin darasin, don haka za mu bi shi a hankali.

Kamfanin da kuka biya ba shi ne mai `.com` ba. Dillali ne. Babban kundin da aka rubuta duk sunayen `.com` a ciki yana hannun wani kamfanin Amurka mai suna Verisign, a ƙarƙashin yarjejeniya da hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998 don kula da tsarin sunayen intanet. Kundin `.ng` kuwa yana hannun ƙungiyar NiRA a Najeriya.

> Mai kundi: hukuma ko kamfanin da ke riƙe da rajistar duk sunayen da ke da ƙarshe iri ɗaya. Shi ke yanke farashin sari.

> Dillalin rajista: kamfanin da ke sayar wa jama'a sunan shafi. Yana biyan mai kundi farashin sari, sannan ya ɗora ribarsa.

Farashin sarin `.com` ba ɓoyayyen abu ba ne. Daga 2012 zuwa 2021 yana kan dala 7.85 a shekara. A watan Satumban 2021 ya koma dala 8.39, a 2022 dala 8.97, a 2023 dala 9.59, sannan a Satumban 2024 ya kai dala 10.26. Bayan wannan akwai ɗan kuɗin ICANN da ake ɗorawa kan kowane suna, wajen santi 20 a shekara.

To, ku tsaya ku duba. Idan dillali yana biyan sama da dala 10 a kan kowane suna, ya kuma sayar muku a dala ɗaya, asarar dala tara ya yi a kanku ranar farko. Babu ɗan kasuwar da ke buɗe shago don ya yi asara. Kuɗin da ya rasa kuɗin talla ne, ya kashe shi don ya jawo ku, kuma lissafinsa shi ne zai fanshe a shekara ta biyu da ta uku. Abin da ke ba shi tabbacin fanshewa abu biyu ne: lambar katinku tana wurinsa, kuma a mafi yawan shafukan saye makunnin `Auto-renew` yana zuwa a kunne tun farko. Sai kuma abu na uku da shi ma ya sani: bayan shekara guda sunan ya riga ya hau kan allon shagonku da takardun rasit, ba za ku so ku rabu da shi ba.

Daga nan za mu fitar da ƙa'ida mai sauƙi. Duk `.com` da aka tallata ƙasa da farashin sari, farashin shekara ɗaya ne kawai. Idan kuma kuɗin sabuntawa ya kai ninki biyu na farashin sari, ba Verisign ba ne ya jawo hakan, ribar dillali ce. Wasu ƙarshen sunaye sababbi sun fi haka muni: ana iya ba da shekarar farko a dala ɗaya ko biyu, alhali farashinsu na yau da kullum ya fi na `.com` tsada nesa ba kusa ba.

Masauki kuwa ba shi da farashin sari da kowa zai iya dubawa. Kowane kamfani yanka nasa yake yi. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin farashin talla da na sabuntawa ta fi faɗi a ɓangaren masauki.

Misali na ɗaya: daga naira 27,000 zuwa 285,000

Alƙaluman wannan misali na koyarwa ne, an daidaita su don lissafi ya zo da sauƙi, amma tsarinsu irin wanda ake gani ne a zahiri.

Wata mai sayar da humra da turaren wuta a Kano ta ga tallan masauki a wani kamfanin waje. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa dala 3 ne a wata, tare da sunan `.com` kyauta. Da ta zo biya sai ta ga ba a karɓar na wata ɗaya a wannan farashin, sai na wata 12 a dunƙule, wato dala 36. A kwandon saye an riga an saka mata alama a kan wani ƙarin aiki na ajiye kwafin shafi, an ce kyauta ne a shekarar farko. A ƙasan babban farashin, da ƙananan baƙaƙe masu launin toka, akwai layin da ba ta karanta ba:

```
Renews at $12.00/mo
```

Ma'anarsa idan wa'adi ya cika za a sabunta a kan dala 12 kowane wata. A lokacin dala tana naira 750, don haka naira 27,000 ta biya, ta yi murna.

Bayan wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki, sai ga alat daga banki. Ga yadda kuɗin ya kasu:

| Abin da aka biya wa | Shekarar farko | Sabuntawa |
|---|---|---|
| Masauki, wata 12 | dala 36 | dala 144 |
| Sunan shafi | kyauta | dala 22 |
| Ajiye kwafin shafi | kyauta | dala 24 |
| Jimla | dala 36 | dala 190 |

A dala kaɗai kuɗin ya ninka fiye da sau biyar. Amma a ranar da aka cire, dala ta koma naira 1,500, saboda haka naira 285,000 ce ta fita daga asusunta. Ninki goma ke nan da ɗoriya.

Yana da kyau a rarrabe wane ɓangare na ƙarin ne na kamfani, wane ne na canji, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Da dala ta tsaya a naira 750, dala 190 za ta kama naira 142,500. Ke nan ƙarin naira 115,500 daga kamfani ya fito. Sauran naira 142,500 faɗuwar naira ce ta haifar. Irin wannan ya faru da mutane da yawa a Najeriya: a farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, bayan da Babban Banki ya saki farashin canji a tsakiyar watan ta haura 750, zuwa Fabrairun 2024 kuma ta kai wajen 1,500. Wanda ya sayi masauki da dala a tsakanin nan, ko da kamfaninsa bai ƙara ko santi ɗaya ba, ya ji a jikinsa. Maganin ɓangaren kamfani shi ne a canza kamfani ko a rage abin da ake saya. Maganin ɓangaren canji shi ne a nemi wanda ke yanka farashi da naira, kodayake su ma na gida sukan ƙara idan dala ta tashi, musamman a kan `.com` da dole da dala suke sarowa.

Ku lura da wani abu a labarin. Ba ranar da shekara ta cika aka cire kuɗin ba. Kamfanoni da yawa suna cirewa tun da sauran kwanaki, wasu mako biyu, wasu har wata guda kafin wa'adi, don idan katin ya ƙi su samu lokacin sake gwadawa. Saboda haka ranaku biyu ne: ranar ƙarewa da ranar cire kuɗi. Wanda ya rubuta ranar ƙarewa kaɗai a kalandarsa zai makara.

Da ita wannan baiwar Allah ta zaɓi wata 36 tun farko, kamar yadda tallan ke kwaɗaitarwa, da ta biya dala 108 ta huta shekara uku. Wannan ba mugun ciniki ba ne. Matsalar ita ce sabuntawa takan zo da tsawon wa'adin da aka fara saya. Wata 36 a kan dala 12 ya kama dala 432 a lokaci ɗaya, wato naira 648,000 idan dala tana 1,500, a ranar da ta riga ta manta ma da zancen.

Misali na biyu: lissafin shekara uku

Hanyar gane mai arha da mai tsada ita ce a daina kallon shekarar farko ita kaɗai. A haɗa kuɗin shekarar farko da kuɗin sabuntawa sau biyu.

Kamfanin da muka gani a sama: 36 + 190 + 190 = dala 416.

A ce akwai wani kamfani da ba ya rangwame. Masaukinsa dala 6 ne a wata kullum, sunan shafi kuma dala 12 a shekara. Shekara ɗaya ta kama 72 + 12 = dala 84. Shekara uku: 84 × 3 = dala 252.

A ranar saye na biyun ya fi na farko tsada fiye da ninki biyu. A ƙarshen shekara uku kuma ya bar wa mai saye dala 164 a aljihu. Idan za ku yi wannan lissafi, ku tabbata kun haɗa da haraji. Kamfanonin Najeriya sukan ɗora harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari a wurin biya, kuma ba kullum yake cikin farashin da aka tallata ba.

A ina ake ganin kuɗin sabuntawa kafin saye? Na masauki yana ƙasan babban farashi ko a kwandon saye, da kalmomin `Renews at` ko `Regular price`. Na suna kuma yana teburin farashin sunaye, wanda ke da ginshiƙai uku: `Register`, `Renew`, `Transfer`. Na tsakiyan ne farashinku na gaskiya. Dokar ICANN ta wajabta wa dillalan `.com` da makamantansa su bayyana kuɗin sabuntawa da kuɗin fansar suna a shafinsu. Kamfanin da kuka yi ta lalube ba ku ga wannan teburi ba, a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin barinsa.

Me ya sa kashe sabuntawa kawai ba mafita ba ne?

Wanda aka taɓa cire wa kuɗi babu shiri yakan yi fushi ya kashe `Auto-renew` a kan komai, ko ya toshe katin. Daga nan sai ya faɗa matsalar da ta fi ta farko, domin sunan shafi idan wa'adinsa ya cika ba a biya ba, yana bin matakai ne har ya fita daga hannun mai shi.

Ga yadda abin yake ga `.com`. Tun 2013 dokar ICANN ta tilasta wa dillali ya aika tunatarwa sau biyu kafin wa'adi, ɗaya kamar wata guda kafin ranar, ɗaya kamar mako guda, sannan wata cikin kwana biyar bayan ranar ta wuce. Galibi ta imel ɗin da aka yi rajista da shi ake aikowa. Idan ba a biya ba, shafi da imel na kasuwanci za su daina aiki, mai neman shafin ya riƙa ganin allon talla ko sanarwar cewa sunan ya ƙare. Akwai ɗan lokacin sassauci da za a iya sabuntawa, wanda ba ya wuce kwana 45 a wurin mai kundi, amma dillali na iya gajarta nasa, wasu ma sukan saka sunan a gwanjo a cikin wannan lokacin. Idan dillali ya goge sunan, sai ya shiga wa'adin fansa na kwana 30.

> Wa'adin fansa: kwana 30 bayan an goge suna, wanda a cikinsa tsohon mai shi kaɗai ke iya dawo da shi, amma sai ya biya kuɗin fansa a kan kuɗin sabuntawa. A wasu kamfanoni kuɗin fansar yakan kai dala 80 ko fiye.

Bayan wa'adin fansa akwai kwana biyar da ba a iya yin komai, daga nan sunan ya koma kasuwa, kowa na iya saye. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su kama sunan da aka saki su jira mai shi ya zo yana roƙo.

Kowa na iya duba halin da sunansa yake ciki kyauta a `lookup.icann.org`. Ku rubuta sunan, ku nemi ranar ƙarewa da layin `Domain Status`. Kalmomi huɗu ne suka fi shafarmu:

```
clientTransferProhibited
autoRenewPeriod
redemptionPeriod
pendingDelete
```

Ta farko ba abin tsoro ba ce, tana nufin an kulle sunan don kada wani ya ɗauke shi zuwa wani dillali. Ta uku wa'adin fansa ce, ta huɗu kuma idan ta tsaya ita kaɗai kwanaki biyar na ƙarshe ne. Ta biyun ce ke ruɗar mutane. Idan wa'adin `.com` ya cika, mai kundi da kansa yakan ƙara shekara ɗaya na wucin gadi, sai mai dubawa ya ga ranar ƙarewa ta koma baɗi, ya saki jiki yana zaton an biya. Idan kuka ga `autoRenewPeriod` alhali babu rasit a hannunku, ba a biya ba, kuma dillali na iya janye wannan shekarar.

Waɗannan ƙa'idoji na sunaye irin `.com` da `.org` da `.net` ne. Sunayen ƙasashe, irin `.ng` na Najeriya da `.ne` na Nijar, kowanne da dokokin mai kundinsa, don haka a tambayi dillali kwanakinsu.

Masauki ba shi da ko ɗaya daga cikin wannan kariyar. Babu wata hukumar duniya da ta ce sai an jira ku. Idan ba a biya ba kamfani zai dakatar da asusun, bayan kwanakin da ya rubuta a sharuɗɗansa ya goge komai, har da tsofaffin imel.

Shawarar da ta fi dacewa ita ce a raba hukunci. Sunan shafi kuɗinsa kaɗan ne, rasa shi kuma babbar asara ce, don haka a mayar da shi wurin dillali mai farashi tsayayye a bar masa `Auto-renew` a kunne, da katin da ke aiki. Masauki shi ne mai kuɗi da yawa kuma ana iya sake shi, don haka a kashe masa sabuntawa ta kai tsaye, a saka tunatarwa a waya wata biyu kafin wa'adi, a zauna a yanke shawara da ido buɗe.

Ƙaura zuwa wani kamfani

Mu koma ga mai humra. A ce ta farga tun da sauran wata biyu. Da farko za ta shiga asusunta, sashen `Billing`, ta rubuta kowane abu da ke jerin, da ranar cire kuɗinsa da adadinsa. A nan ne za ta tarar da ƙarin aikin nan na dala 24 da ta manta da shi, ta kashe shi. Kafin ta tashi gaba ɗaya, babu laifi ta rubuta wa kamfanin cewa za ta tafi saboda farashi. Sau da yawa sukan ba da rangwame ko su nuna ƙaramin ƙunshi, domin shafin da ke da hotuna talatin da lambar waya ba ya bukatar babban masauki.

Idan ta yanke shawarar ɗauke sunan, za ta tabbatar imel ɗin da ke kan rajistar tana iya buɗe shi. Sai ta cire kullen sunan, ta nemi lambar izini.

> Lambar izinin ƙaura: kalmar sirri ta musamman da dillali ke ba mai suna don ya kai wa sabon dillali. A kan allo ana kiranta `Auth code` ko `EPP code`. Dole dillali ya ba da ita cikin kwana biyar da nema.

Za ta kai lambar wurin sabon dillali ta biya kuɗin shekara ɗaya. Wannan kuɗi ba ya tafiya a banza, ana ƙara shekarar a kan wa'adin da ya rage mata. Ƙaurar takan ɗauki kwana biyar zuwa mako guda. Akwai iyaka da ya kamata a sani: ba a iya ɗauke suna cikin kwana 60 na farko bayan rajista ko bayan wata ƙaurar, kuma canza sunan mai rajista ko imel ɗinsa na iya jawo irin wannan kulle a wasu kamfanoni. Wanda ya bari sai saura mako ɗaya sannan ya fara gyara bayanansa yana iya kulle kansa da kansa.

Ƙaurar masauki kuma tsari gare ta. A sauke kwafin fayilolin shafi da rumbun bayanansa da imel, a ɗora su a sabon wuri, a gwada a ga suna aiki, sannan a canza `Nameservers` na sunan su nuna sabon masauki. A bar tsohon yana aiki kwana biyu ko uku har canjin ya bazu. Sai bayan nan a rufe shi. Wanda ya fara da rufewa ya rasa abin da zai kwafa.

Wani abu da ya zama ruwan dare a wurinmu: yaron da aka ba aikin haɗa shafi shi ne ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa, amma da katin mai sana'a. Tunatarwa tana zuwa wurin yaron, alat yana zuwa wurin mai kati. Idan yaron ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi, babu mai iya shiga asusun. Tun ranar farko a ce masa: «Ka buɗe da imel ɗina, ni zan ba ka izinin shiga.»

Idan an riga an cire kuɗin

A yi sauri, domin damar mayar da kuɗi ta 'yan kwanaki ce. Alƙawarin nan na mayar da kuɗi cikin kwana 30 da ake gani a talla, a kamfanoni da yawa sayen farko ya shafa, kuma ba ya haɗawa da kuɗin suna. A buɗe sharuɗɗan mayar da kuɗi na kamfanin a ga abin da suka ce game da sabuntawa, sannan a rubuta musu a rubuce, da lambar rasit, a bayyana abin da ake so ɗaya bayan ɗaya. Ga mai humra, buƙatar da ta fi ma'ana ita ce a mayar mata da dala 144 na masauki da dala 24 na ƙarin aiki, a bar dala 22 na suna. Idan ta ce a mayar da komai, suna iya soke sabuntawar sunan ma. Kuma kafin ta aika saƙon ta sauke kwafin shafinta, domin wasu suna rufe masauki da zarar sun amince da mayar da kuɗi.

Kada kuma ta yi gaggawar ɗauke sunan a makonnin farko bayan an sabunta shi. Idan sabuntawar ta faru bayan ranar ƙarewa aka kuma ɗauke sunan cikin kwana 45, shekarar da ta biya tsohon dillali tana iya ɓacewa. Tunda ta riga ta biya, ta bari wata biyu su wuce.

Kai ƙara banki don a janyo kuɗin da ƙarfi shi ne mataki na ƙarshe, kuma yana da haɗari. Kamfani yakan ɗauki hakan a matsayin ƙin biya, ya dakatar da asusun gaba ɗaya har da sunan da ke ciki, ya kuma hana ƙaura sai an biya. Ga shi kuma banki zai tambaya ko mai kati ya amince da sabuntawa ta kai tsaye a ranar saye, amsar kuwa galibi e ce. Wannan hanya ta dace ne idan an cire kuɗi bayan an kashe `Auto-renew` kuma akwai hoton allo ko imel da ke tabbatar da haka, sannan an riga an fitar da sunan daga wurinsu.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin sunan shafi da masaukin shafi? Wanne ne ya fi wuyar maidowa idan aka rasa shi, kuma me ya sa?
2. Wane ne mai kundin `.com`, kuma wane ne na `.ng`? Me ya bambanta mai kundi da dillalin rajista?
3. Farashin sarin `.com` ya kai dala 10.26 a Satumban 2024. Me za ku fahimta idan kuka ga ana tallansa a dala 2?
4. Wani kamfani yana ba da suna a dala 1 a shekarar farko, yana sabuntawa a dala 22. Wani kuma dala 12 ne kowace shekara. Ku lissafa kuɗin shekara uku a kowanne.
5. Wani mai makaranta ya biya dala 50 lokacin da dala take naira 800. An sabunta masa a dala 120 lokacin da take naira 1,500. Nawa ne ƙarin a naira? Nawa ne daga ciki ya fito daga kamfani, nawa ne daga canji?
6. Me ya sa sanin ranar ƙarewa kaɗai bai isa ba?
7. Kun duba sunanku kun ga ranar ƙarewa ta koma baɗi, amma akwai `autoRenewPeriod` kuma ba ku biya ba. Me hakan ke nufi?
8. Ku jera matakan ɗauke suna zuwa wani dillali. Wane abu ne zai iya hana ƙaurar na kwana 60?
9. Me ya sa ba a so a fara da kai ƙara banki idan an cire kuɗin sabuntawa?
10. Aikin gida: ku buɗe shafin kamfanoni biyu masu sayar da masauki, ɗaya na gida ɗaya na waje. Ku rubuta farashin shekarar farko da na sabuntawa na ƙaramin ƙunshinsu, ku kawo lissafin shekara uku aji na gaba.